Kalmomi uku a ƙamusun 1570: yadda Ingilishi ya raba suna da aikatau ta ƙarfin gaɓa

Idan ka yi Ingilishi a sakandare, da wuya a ce ba ka haɗu da wannan darasi ba. Malami zai rubuta kalma ɗaya a allo, *record*, ya ce maka ana faɗinta iri biyu. In suna ce, wato rubutaccen bayani ko faifai, sai ka danna gaɓar farko: REcord. In aikatau ce, wato a rubuta ko a naɗi murya, sai ka danna ta biyu: reCORD. Haka *present* da *rebel* da *permit* da *object*. Ana koyar da abin kamar wata doka ce da Turawa suka zauna suka tsara. To ba haka ba ne. Shekaru ɗari huɗu da hamsin da suka wuce, kalmomi uku kacal ƙamus ya nuna suna yin haka. Sauran sun biyo baya ne da ɗai-ɗai, kamar yadda ake shigowa kasuwa da safe, kuma har yau wasu na kan hanya.

Kafin mu shiga tarihin, bari mu daidaita a kan abin da ake nufi da danna gaɓa. A Ingilishi, kowace kalma mai gaɓa biyu ko fiye tana da gaɓa ɗaya da ta fi 'yan'uwanta fitowa: ana ɗan ja ta, ana ƙara mata ƙarfi, sau da yawa murya kan ɗan hau a kanta. Gaɓar da ba a danna ba kuwa takan raunana har wasalinta ya canza. Shi ya sa kunnen Bahaushe kan ji sunan kamar "rekod", aikatau ɗin kuma kamar "rikood". A wannan rubutu zan riƙa sa gaɓar da ake dannawa da manyan baƙaƙe.

Hausa ba da ƙarfin gaɓa take aiki ba, da karin sauti da tsawon wasali take yi, amma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinka. Faɗi "ya zagi yaron", sannan ka faɗi "zagi ba kyau". A rubuce *zagi* ɗaya ce. A baki, ta farko murya kan tashi daga ƙasa zuwa sama, ta biyu kuma daga sama zuwa ƙasa, kuma ana jan wasalin ƙarshe. Aikatau da suna kenan, boko ya haɗe su, baki ya raba su.

Gadon da Ingilishi ya taso da shi

Ingilishin da ake yi kafin shekarar 1066 ɗan'uwan Jamusanci ne na kusa, kuma ƙa'idarsa a wannan fanni mai sauƙi ce: a danna gaɓar farko. Togaciya ɗaya ce babba, ita ce aikatau mai ɗafa-goshi. Idan aka liƙa wa suna ɗafa-goshi, ƙarfi kan hau kan ɗafa-goshin. Idan aka liƙa wa aikatau, ƙarfi kan tsallake shi ya zauna a kan saiwar kalmar. Misali, "fahimta" a tsohon Ingilishi ita ce ANDgiet, "fahimta" ta aikatawa kuma onGIETan. Saiwa ɗaya, ɗafa-goshi ɗaya a asali, amma wanda aka danna ya riƙe cikakkiyar surarsa, wanda ba a danna ba ya zaizaye. Bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne, a lokacin da ƙarfi ya kafu a gaɓar farko, ɗafa-goshin suna ya riga ya manne ya zama jiki ɗaya da sunan, na aikatau kuwa yana zaman kansa tukuna, kalma ce daban a gefe. Jamusanci na yau yana nan da irin wannan: URlaub hutun aiki ne, erLAUben kuma a ba da izini.

Lura da abu ɗaya a nan. A wancan zamani suna da aikatau ba su yi kama da juna a rubuce ba, domin aikatau yana da nasa ɗafa-ƙeya. Babu wanda zai rikita su. Ƙarfin gaba ɗaya daga cikin alamomi ne kawai, ba shi kaɗai ke riƙe da bambancin ba.

Sai Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan malaman coci na tsawon ƙarnuka. Dubban kalmomi suka kwararo cikin Ingilishi, musamman tsakanin 1250 da 1400, kuma sun zo da salon Faransanci na danna ƙarshen kalma. A daidai wannan lokacin kuma ɗafa-ƙeyar Ingilishi tana ta zubewa. Abin da ya fito daga wannan haɗuwa shi ne tarin kalmomi masu gaɓa biyu, masu farawa da *re-* ko *con-* ko *pro-* ko *per-*, waɗanda suna da aikatau ɗinsu iri ɗaya suke sak a rubuce da a baki, duka ana danna gaɓar ƙarshe. Ga kunnen mutumin Ingila, aikatau mai ɗafa-goshi da ƙarfi a gaɓa ta biyu ba abin mamaki ba ne, haka kakanninsa ke yi. Suna mai irin wannan sauti shi ne baƙo. Shi ya sa sunayen ne suka fara motsi.

Ƙamusun Levins da lissafin Sherman

Ta yaya ake sanin yadda mutane ke furta kalma a zamanin da babu na'urar naɗar murya? Hanya biyu ce. Ta farko waƙa, domin ma'aunin waƙar Ingilishi a kan jeren gaɓa mai ƙarfi da marar ƙarfi aka gina shi, don haka gurbin da mawaƙi ya sa kalma yakan tona inda yake danna ta. Ta biyu ƙamus, idan marubucinsa ya sa alama a kan gaɓar da ake dannawa.

A 1570 wani malami mai suna Peter Levins ya buga *Manipulus Vocabulorum*, ƙamusun Ingilishi da Latin wanda aka jera kalmominsa bisa amsa-amo, wato bisa sautin ƙarshensu. Shi ne irinsa na farko a Ingilishi, kuma Levins ya sa alamar ƙarfi a kan kalmomi da dama. Bayan shekaru ɗari huɗu da biyar, a 1975, wani masanin harshe, Donald Sherman, ya bi tsofaffin ƙamusoshi da littattafan nahawu ɗaya bayan ɗaya yana neman kalmomin da suna ke da ƙarfi a farko, aikatau a ƙarshe. A wurin Levins uku ya samu: *outlaw*, *rebel*, da *record*. Wato wanda doka ta kora, da ɗan tawaye, da rubutun kotu. (Duk ukun suna da ƙamshin shari'a, sai dai uku sun yi kaɗan a gina wani zance a kansu.)

Daga nan adadin ya yi ta hawa. Zuwa 1660 sun kai 24, zuwa 1700 sun kai 35. A 1800 sun ninka sun zama 70. A wani babban ƙamus na Oxford da aka yi amfani da bugunsa na 1934, Sherman ya ƙirga 150.

Wannan 150 ɗin kada ta ruɗe ka, domin sai an ajiye ta kusa da wani adadin kafin a ga girmanta. A ƙamusun na 1934, kalmomi masu gaɓa biyu da ke aiki a matsayin suna da aikatau duka sun kai 1,315. A cikinsu 950 ana danna gaɓar farko ne ko suna ko aikatau, irin su *answer* da *promise*. Wasu 215 ana danna ta ƙarshe a duka biyun, irin su *report* da *mistake* da *return*. Saura 150 su ne masu sauya ƙarfi. Ka ga ke nan abin da malami ya kira doka kusan kalma ɗaya cikin tara kawai ya shafa. Ɗalibin da ya ɗauke ta da gaske ya fara cewa proMISE don yana nufin aikatau, ko MIStake don yana nufin suna, ya yi kuskure, kuma ba laifinsa ba ne.

Dole kuma a yi hattara da lissafin kansa. Ƙamus ba kunne ba ne. Marubucinsa yakan rubuta abin da yake ganin ya dace a faɗa, ko abin da ya kwafo daga wanda ya gabace shi, kuma yawancinsu furucin masu ilimi na kudancin Ingila suke bi. Levins bai sa wa kowace kalma alama ba, masu ɗab'i na lokacin kuma sukan yi kuskure. Sannan kalmomin da ke cikin harshen sun ƙaru ƙwarai tsakanin 1570 da 1934, saboda haka wani ɓangare na hawan adadin daga sabbin shigowa ne. Abin da za a iya dogara da shi shi ne alkiblar tafiyar, ba kowace shekara da kowane adadi ba.

Tafiyar kalma ɗaya

Bari mu bi *record* mu ga yadda abin yake a kusa. Asalinta Latin ne, *recordari*, a tuna, daga *re-* da *cor*, zuciya: a maido da abu cikin zuciya. Ta biyo ta Faransanci ta shigo Ingilishi a ƙarni na 13 zuwa na 14, suna da aikatau duka da ƙarfi a ƙarshe. A 1570 Levins ya nuna sunan ya koma gaba. Da za ka tsaya nan, sai ka ce magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Shakespeare, wanda ya yi rubutunsa shekaru ashirin zuwa arba'in bayan Levins, yana amfani da sunan ta hanyoyi biyu, wani baitin ma'auni ya nuna REcord, wani ya nuna reCORD. Mutum ɗaya fa, a zamani ɗaya. Bayan kusan shekaru ɗari biyu, John Walker, wanda ya fitar da shahararren ƙamusunsa na furuci a 1791, ya tarar ana nan ana jan igiyar. Ya bayyana cewa sunan ya kusa daidaita a gaɓar farko, sai wani babban masanin shari'a da ake girmama iya maganarsa ya farfaɗo da tsohon furucin, kotuna kuma suka bi shi. Wato mutum ɗaya mai faɗa-a-ji ya ja kalmar baya na wani lokaci, aƙalla a bakin lauyoyi. A ƙarshe dai REcord ce ta yi nasara, amma daga ranar da ƙamus ya fara nuna ta zuwa ranar da aka daina jayayya a kanta, an haura shekaru ɗari biyu.

Sauran biyun na Levins ma kowacce da hanyarta. *Rebel* ta tsaya daram: REbel ɗan tawaye, reBEL a yi tawaye. *Outlaw* kuwa ta fice daga ƙungiyar, domin yau aikatau ɗin ma OUTlaw ake cewa. Aikatau ya bi suna, bambancin ya shafe.

Akwai ma wadda ta je ta dawo. A ƙarni na 18 da na 19, ƙamusoshi da yawa sun nuna sunan *cement* da ƙarfi a farko, CEment, aikatau kuma ceMENT. Daga baya sunan ya koma ƙarshe. Shaidar wannan tana bakinka. Lokacin da Hausa ke aron kalma daga Ingilishi, gaɓar da Bature ke dannawa ita ce yawanci kan ɗauki sautin sama. Faɗi "siminti" ka saurara: ƙasa, sama, ƙasa. A kan "min" murya ke hawa, domin ceMENT Hausawa suka ji a ƙarni na 20. Haka "rahoto" daga rePORT, murya na hawa a kan "ho". Haka "adireshi" daga adDRESS, furucin Birtaniya, alhali Amurkawa da yawa ADdress suke cewa in suna nufin suna.

Me ke tura su?

Walker tun a 1791 ya kawo dalilai biyu. Na farko, yana ganin harshen ne ke neman cike giɓin ɗafa-ƙeyar da ya rasa, ya sami wata hanyar raba suna da aikatau. Wannan yana da daɗin ji, amma a ganina shi ne mafi rauni. Kalmomi 950 da 215 suna nan suna aiki ba tare da wani bambanci ba, kuma babu Baturen da ke ruɗewa, domin matsayin kalma a jimla ya isa ya nuna ko mece ce.

Dalilinsa na biyu ya fi ƙarfi. Aikatau yakan ɗauki ɗafa-ƙeya mai ƙara gaɓa, kamar *-ing*, suna kuwa jam'insa yawanci *-s* ne da ba ya ƙara komai. Ingilishi yana son gaɓa mai ƙarfi da marar ƙarfi su riƙa karɓa-karɓa, kamar dakan mata biyu a turmi ɗaya. A reCORDing ƙarfin yana tsakiya, rauni a gaba, rauni a baya, tafiya ta yi daidai. Da a farko yake, sai raunana biyu su jeru a bayansa. Suna kuma galibi yana biyo bayan *the* ko *a*, waɗanda ba a danna su, saboda haka "the REcord" ta fi sauƙin fita.

A 1988 masana biyu a Amurka, Michael Kelly da Kathryn Bock, suka gwada wannan tunani. Sun ƙirga cewa kashi 94 cikin ɗari na sunaye masu gaɓa biyu a farko ake danna su, kashi 69 na aikatau kuma a ƙarshe. Sannan suka ƙirƙiro kalmomin da babu su a harshen, suka sa su cikin jimloli, suka ba mutane su karanta da ƙarfi. In kalmar ta zauna a gurbin suna, masu karatu sun fi danna farkonta, in ta zauna a gurbin aikatau sai danna ƙarshe ya ƙaru, kuma ƙarfi ko raunin gaɓoɓin da ke maƙwabtaka da ita ma yana karkata su. Mutanen nan ba su taɓa jin kalmomin ba. Abin da ke kansu kawai shi ne yadda suna ya saba sauti da yadda aikatau ya saba.

Wannan ya taimaka wajen fahimtar wata tambayar: me ya sa wasu suka motsa, wasu suka ƙi? Betty Phillips ta duba jerin Sherman a 1984 ta ga cewa kalmomin da ba a cika amfani da su ba su ne suka fi saurin sauyawa. Ka yi tunanin abin ta fuskar mai koyo. Kalma kamar *report* ko *mistake* yaro na jin ta kullum, furucinta ya zauna a kansa, ba ya buƙatar zato. Kalmar da ya ji sau biyu a rayuwarsa, ko a littafi kawai ya gan ta, idan ya zo faɗinta sai ya yi mata kiyasi da sauran sunaye, ya danna farko. In masu irin wannan kiyasi suka yi yawa, shi ke nan ya zama furuci. Wannan kishiyar abin da aka saba gani ne a zaizayewar sauti, inda kalmomin da aka fi yawan faɗi su ke fara lalacewa.

Lissafin Sherman ya yi suna ne saboda ya faɗo cikin wata tsohuwar muhawara. Tun shekarun 1870 wasu masana a Leipzig ta Jamus suka kafe cewa idan sauti zai canza, yakan canza ne a duk kalmomin da suka cancanta ba tare da togaciya ba. A 1969 William Wang ya ce a'a, canji kan ratsa kalmomi ne sannu a hankali, wannan yau, waccan gobe. Jerin 3, 24, 35, 70, 150 ya zama misalin da ake yawan kawowa a littattafan koyarwa don mara wa Wang baya. Masu ɗayan ra'ayin suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce: wannan ba canjin sauti ba ne irin wanda suke nufi, kiyasi ne da ya dogara da sanin ko kalma suna ce ko aikatau, kuma dama kiyasi da ɗai-ɗai yake tafiya.

Wajen 2010, Morgan Sonderegger da Partha Niyogi suka sake bin sawun kalmomi 149 daga jerin a cikin ƙamusoshi 76 na Birtaniya da Amurka, tun daga ƙarni na 16 har zuwa 2007. A lissafi, tsari huɗu ne zai yiwu: duka biyu a farko, duka biyu a ƙarshe, suna a farko aikatau a ƙarshe, ko suna a ƙarshe aikatau a farko. Uku na farko duk sun bayyana, kalmomi na shiga wannan suna fita wancan. Na huɗun bai zauna ba ko sau ɗaya. Kalma na iya yin shekaru ɗari ba ta motsa ba, sannan ta juya cikin 'yan shekarun da ba su wuce rayuwar mutum ɗaya ko biyu ba, tana iya ma komawa baya kamar *cement*, amma ba ta taɓa sa suna a bayan aikatau ba.

Masu motsi a yanzu kana iya jin su da kunnenka a rediyo. *Research* ita ce fitacciya: tsohon furucin reSEARCH ne ga suna da aikatau, amma REsearch ya mamaye Amurka, kuma yana ta yaɗuwa a Birtaniya, inda har yanzu za ka sami malaman jami'a da ke riƙe da tsohon. *Dispute* ma haka, ana jin DISpute a bakin wasu 'yan Birtaniya in ana maganar rikicin ma'aikata. Sabbin kalmomi kuwa ba sa jiran shekaru ɗari biyu, da rabuwarsu ake haihuwarsu. Wadda wayarka ke nuna maka, Update, in abin da aka turo maka ake nufi UPdate ce, in kai za ka yi aikin kuma upDATE. Wannan ba daga Faransanci ta zo ba. *Up* tsohuwar kalmar Ingilishi ce, kuma abin da ake yi da ita a nan shi ne dai wanda aka yi da ANDgiet da onGIETan fiye da shekaru dubu da suka wuce.